Magani kaɗan, bokiti na lita 500: fashin baƙi kan Vd

Mutum mai nauyin kilo 70, idan aka haɗa dukkan ruwan da ke jikinsa, wanda ke cikin jini da wanda ke cikin tsoka da wanda ke tsakanin ƙwayoyin halitta, za a samu wajen lita 42. Amma ɗalibin da ya buɗe littafin ilimin magunguna zai tarar an rubuta cewa digoksin, maganin zuciya, yana bazuwa a cikin lita 500 a jikin wannan mutum ɗaya. Kulorokwin kuma lissafinsa ya kai dubban litoci. A nan ne kan masu koyo da yawa yake ɗaurewa, kuma ba laifinsu ba ne. Ta yaya lita 500 za ta shiga jikin da bai ɗauki 50 ba?

Adadin da ake magana a kansa shi ne wanda littattafai suke rubutawa da Vd, wato girman mazubin da magani ya bazu a cikinsa. Ni a ganina duk ruɗanin ya samo asali daga kalmar lita. Da zarar mutum ya ji lita, sai ya hango ruwa na gaske a wani wuri na gaske. To, bari mu ajiye jikin ɗan Adam tukuna, mu ɗauko bokiti.

A ce an ba ka bokiti a rufe, ba ka ganin cikinsa, ba ka san yawan ruwan da ke ciki ba. Abin da aka yarda ka yi biyu ne kawai: ka zuba abu ta wata 'yar kafa, ka kuma ɗebo ruwa kaɗan ta wannan kafar. Aka ce ka faɗi ruwan lita nawa ne. Akwai dabara. Ka auno garin rini miligiram 100, ka zuba, ka girgiza har ya gauraye, sannan ka ɗebo cokali guda ka auna kaurin rinin, ma'ana miligiram nawa ne a kowace lita. A ce ka samu miligiram 10 a lita. Tunda 100 ka zuba, kowace lita kuma ta ɗauki 10, ruwan lita 10 ne. Ba ka ga cikin bokitin ba, amma ka san girmansa. Da ka samu miligiram 5 a lita, da ka ce lita 20 ne, domin gwargwadon yawan ruwa, gwargwadon tsinkewar rini.

Lissafin Vd ke nan gaba ɗaya. A littafi haka yake:

```
Vd = Dose / C0
```

Dose shi ne yawan maganin da aka zuba a jini, C0 kuma kaurinsa a ruwan jini, wato jini ba tare da ƙwayoyinsa ba, a farkon lamari, kafin jiki ya fara fitar da shi. Jiki shi ne bokitin da ke rufe, jijiya ita ce kafar da muke zubawa muke kuma ɗiba.

Yanzu ga inda maganar take. A maimaita gwajin da bokitin nan mai lita 10, amma wani ya riga ya jefa dunƙulen gawayi a ƙasansa ba ka sani ba. Gawayi yana kama rini. Ka zuba miligiram 100 kamar ɗazu, gawayin ya zuƙe 90, saura 10 ke yawo a ruwa. Ka ɗebo cokalinka, ka auna, ka samu miligiram 1 a lita. Ka raba 100 da 1, amsa ta fito lita 100.

Bokitin bai ƙara girma ba, kuma ba ka yi kuskuren lissafi ba. Lita 100 ɗin amsa ce ga wata tambaya ta daban: da a ce babu gawayi, da a ce rinin ya gauraye daidai a ko'ina, bokiti mai girman yaya zai ba da wannan tsinkakken ruwa? Shi ya sa masana suke cewa Vd girma ne na zato. Ba wanda zai iya nuna maka shi a jiki da yatsa. Abin da yake faɗa maka shi ne yadda magani ya rabu tsakanin jini, inda muke iya aunawa, da sauran jiki, inda ba ma iyawa. Idan adadin ya yi girma, yawancin maganin ya bar jini ya maƙale a wani wuri. Idan ya yi ƙanƙanta, yawancinsa yana nan cikin jini ko kusa da shi.

Gawayin digoksin tsoka ce. Maganin yana manne wa wani furotin da ke bangon ƙwayoyin tsokar jiki da ta zuciya, wanda aikinsa fitar da sodiyam da shigar da fotasiyam. Tsoka kuwa tana da yawa a jiki, saboda haka take kwashe kusan duka maganin. Idan akwai maikirogiram 500 na digoksin, wato rabin miligiram ɗaya, a jikin mutumin nan mai kilo 70, bayan ya gama bazuwa za a samu kusan maikirogiram 1 a kowace litar ruwan jini. A raba 500 da 1, ga lita 500, wato wajen lita 7 ga kowane kilo na nauyin jiki. Kulorokwin nasa gawayin ya fi ƙarfi, yana taruwa a hanta da saifa da ƙoda da huhu, da kuma wuraren da ke da sinadarin launin fata irin na cikin ido.

Kafin a iya cewa wani Vd babba ne ko ƙarami, sai an san ruwan gaske da ake gwada shi da shi. Lita 42 ɗin nan ba a wuri ɗaya take ba. Wajen lita 28 tana cikin ƙwayoyin halitta, lita 14 tana wajensu, kuma daga cikin 14 ɗin, kusan lita 3 ce kawai ruwan jini. Waɗannan adadi uku, 3 da 14 da 42, su ne ma'auninmu. Jentamaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake bayarwa ta allura, yana narkewa sosai a ruwa amma ba ya iya ratsa bangon ƙwayoyin halitta da sauƙi, don haka Vd ɗinsa wajen lita 0.25 ne ga kowane kilo, kusan lita 17 zuwa 18, dab da ruwan da ke wajen ƙwayoyi. Duk abin da ya zarce 42 kuwa, tabbas akwai gawayi a wani wuri.

Akwai kuma gawayi na biyu da ke aiki ta ɗaya gefen, wanda ake yawan mantawa da shi. A cikin ruwan jini kansa akwai furotin, babbansu shi ne albumin, kuma wasu magunguna suna manne masa. Wannan kamar gawayi ne da aka niƙa yana yawo a daidai wurin da kake ɗiba, duk cokalin da ka ɗebo yana zuwa da shi, kuma gwajin da aka saba yi yana ƙirga wanda ya manne da wanda bai manne ba. Sai ka ga kauri ya yi yawa, bokiti ya fito ƙarami. Warfarin, maganin tsinka jini, kusan kashi 99 cikin 100 nasa yana manne da albumin, shi ya sa Vd ɗinsa bai wuce wajen lita 10 ba. Ashe ja-in-ja ake yi tsakanin gawayin jini da gawayin nama, Vd kuma yana nuna wanda ya fi ƙarfi.

Mu dawo kan C0, domin akwai matsala a aunarsa. Bokitin jiki yana da huda. Tun daga lokacin da magani ya shiga, ƙoda da hanta sun fara aikin fitar da shi, ga shi kuma yana bukatar lokaci kafin ya gauraye. Idan ka ɗiba da wuri bai gauraye ba, idan ka jira wani ya riga ya fita. Mafita ita ce a ɗiba sau biyu ko fiye, sannan a yi lissafi a koma baya.

Ga misali da adadi masu sauƙi. Majiyyaci mai kilo 70, ƙodarsa lafiya, an ba shi jentamaisin miligiram 5 ga kowane kilo ta jijiya, jimilla miligiram 350. Bayan awa 2 aka ɗebi jini, aka samu miligiram 10 a lita. Bayan awa 4 aka sake ɗiba, aka samu 5. Ke nan maganin yana raguwa da rabi duk awa 2. Idan a awa ta biyu 10 ne, to a farko 20 ne. A raba 350 da 20, an samu lita 17.5. A raba wannan da kilo 70, ga 0.25 ɗin da littafi ya faɗa.

To mene ne amfanin sanin wannan a gefen gadon majiyyaci? Babban amfaninsa shi ne a juya lissafin. Idan ka san girman bokiti, ka kuma san irin kaurin da kake so, ka san yawan rinin da za ka zuba tashin farko. Ana kiran wannan kashi na farko da kashin cika bokiti, idan mun bi misalinmu, kuma lissafinsa shi ne Vd sau kaurin da ake nema. Kana son miligiram 20 a lita, bokitinka lita 17.5, sai ka zuba 350. Idan ta baki za a ba da magani, sai a ƙara la'akari da cewa ba dukkansa ke isa jini ba. Ƙwayar digoksin, alal misali, wajen kashi 70 cikin 100 ne ke shiga.

Abin lura a nan, wanda nake so mai koyo ya riƙe da kyau: girman huda bai shiga wannan lissafi ba. Majiyyacin da ƙodarsa ta raunana, hudar bokitinsa ce ta ƙanƙance. Kashin farko na jentamaisin ya dogara ne da girman bokiti, saboda haka sau da yawa ba ya canzawa sosai. Abin da ke canzawa shi ne kashin da ke biyo baya da tazarar da ke tsakaninsu, domin su aikinsu mayar da abin da ya zube. Wanda ya rage kashin farko saboda tsoron ƙoda yana iya barin majiyyaci da magani tsinkakke a ranar da ya fi bukatarsa, wanda kuma ya ci gaba da kashin da ke biyo baya kamar yadda aka saba zai tara masa magani har ya taɓa ƙodar da kunne.

Kuma girman bokitin ba ɗaya yake ga kowa ba. A ce mutumin nan mai kilo 70 cuta ta shiga jininsa, an kwantar da shi a sashen kulawa ta musamman, an ɗura masa ruwa lita bayan lita, ƙananan jijiyoyinsa suna yoyo, jikinsa ya kumbura. Ruwan da ke wajen ƙwayoyinsa ya ƙaru, kuma nan ne gidan jentamaisin. A ce Vd ɗinsa ya tashi zuwa lita 0.4 ga kilo, wato lita 28. Miligiram 350 ɗin nan da ta ba da 20 a da, yanzu 12.5 za ta bayar. Ƙarfin wannan magani wajen kashe ƙwayoyin cuta kuwa ya rataya ne a kan yadda kaurinsa ya kai ƙololuwa. Magani ɗaya, nauyi ɗaya a takarda, amma aikin ya ragu. Yadda ake ganewa shi ne a auna jini bayan an gama allura, a ga ƙololuwar ta gaza abin da aka zata alhali ba a rage kashi ba. Jarirai sabbin haihuwa ma haka suke ta wani fanni, ruwa ya kai wajen kashi 75 cikin 100 na nauyinsu, don haka bokitinsu na magungunan da ke son ruwa ya fi na babba girma idan aka auna da kilo.

Ƙiba kuma takan yaudari mai lissafi. Digoksin tsoka yake so, bai damu da kitse ba. Mutum mai kilo 120 wanda yawancin ƙarin nauyinsa kitse ne, gawayinsa bai fi na mai kilo 70 da wani abin kirki ba. Idan aka ninka lita 7 da 120, an ƙirƙiri bokitin da babu shi, an zuba maganin da ya yi yawa. Saboda haka ake amfani da nauyin jiki ba tare da rarar kitse ba. Tsoho da tsokarsa ta zube, gawayinsa ya ragu. Haka kuma an san cewa a ciwon ƙoda mai tsanani Vd na digoksin kansa yana raguwa, wanda ke nufin a wannan magani har kashin farko sai an rage. Na kawo wannan ne don kada a ɗauki maganar da na yi ɗazu kan jentamaisin a shafa wa kowane magani.

Yanzu tambayar da ta fi ba ni sha'awa: me ya sa wasu magunguna suke daɗewa a jiki? Mutane sukan zaci laifin ƙoda ne ko hanta, wato huda ƙarama ce. Wani lokaci haka ne. Amma duba wannan:

```
t½ = 0.693 × Vd / CL
```

A nan t½ shi ne lokacin da kaurin magani ke ɗauka kafin ya ragu da rabi, CL kuma yawan litocin ruwan jini da jiki ke tsarkakewa daga maganin a kowace awa, wato girman huda. Jentamaisin a mai lafiyar ƙoda, CL ɗinsa wajen lita 6 ne a awa. A sa 17.5 da 6 a lissafin, an samu kusan awa 2. Digoksin CL ɗinsa wajen lita 9 ne a awa, ya ma ɗan fi na jentamaisin. Amma a sa 500 da 9, amsa ta kusa awa 40. Hudar digoksin ta fi faɗi, duk da haka ya ninka ɗan'uwansa daɗewa kusan sau ashirin. Dalili shi ne huda ba ta iya fitar da komai sai abin da ke cikin ruwa. Ƙoda jini take tacewa, ba ta da hannun da za ta kai cikin tsoka. Ta tace ɗan abin da ke jini, tsoka ta saki kaɗan, ta sake tacewa, a haka a haka. Kulorokwin da gawayinsa ya fi haka ƙarfi, makonni yake ɗauka.

Wannan dalili ne kuma yake yanke hukunci idan mutum ya sha magani fiye da kima aka fara tunanin na'urar wankin ƙoda. Na'urar ita ma jini kawai take gani. Koma ga mutumin da ke da maikirogiram 500 na digoksin a jiki. Ruwan jininsa lita 3 ne, kowace lita tana da maikirogiram 1, jimilla 3. Uku cikin 500, bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ko na'urar ta wanke jinin tas, kusan duka maganin yana nan a tsoka, kuma da an kashe na'ura zai sake tsiyayowa cikin jini. Shi ya sa wankin ƙoda ba ya maganin gubar digoksin, sai dai a ba da makarinsa, wani furotin da ke kama shi a jini ya riƙa janyo shi daga nama. Litiyam kuwa, maganin wata cutar taɓin hankali, wanda Vd ɗinsa bai kai lita 1 ga kilo ba kuma ba ya manne wa furotin, na'urar tana fitar da shi sosai. Ƙa'idar da likitocin guba ke bi ita ce, idan Vd ya haura wajen lita 1 ga kilo, amfanin na'ura yana raguwa.

Kowane misali yana da inda ya tsaya, na bokiti ma haka. Bokiti ana girgiza shi ya gauraye nan take, gawayinsa ya zuƙe rini cikin ɗan lokaci. Jiki ya fi kama da bokiti biyu da aka haɗa da siririn bututu. Ƙaramin shi ne jini da gaɓoɓin da jini ke kwarara cikinsu da yawa, babban shi ne tsoka da kitse da sauransu. Magani yana fara cika ƙaramin, sannan ya riƙa tsallakawa a hankali. Ga jentamaisin tsallakawar ba ta daɗewa, shi ya sa bokiti ɗaya ya ishe mu lissafi. Ga digoksin tana ɗaukar sa'o'i.

Daga nan ne wani kuskure da ake yawan yi yake fitowa. An ba majiyyaci digoksin da safe, bayan awa ɗaya ko biyu aka ɗebi jininsa, sakamako ya dawo da adadi mai tayar da hankali, a ce maikirogiram 4 a lita, alhali abin da ake nema bai wuce 2 ba, a masu raunin zuciya ma ƙasa da 1 ake so. Majiyyaci kuwa yana zaune lafiya, ba tashin zuciya, ba jiri, bugun zuciyarsa daidai. Abin da aka auna ƙaramin bokiti ne kafin bututu ya gama aikinsa. Zuciya, inda maganin ke aiki, tana tare da babban bokiti a wannan lissafi, kuma bai gama isa can ba. Saboda haka ƙa'ida ita ce a jira aƙalla awa 6 bayan kashi na ƙarshe kafin a ɗebi jinin digoksin. Duk wanda aka miƙa wa sakamako irin wannan, abu na farko da zai tambaya shi ne ƙarfe nawa aka ba da magani, ƙarfe nawa aka ɗebi jini. Idan tazarar ba ta kai ba kuma majiyyaci ba shi da alamun guba, a sake ɗiba a lokacin da ya dace kafin a taɓa maganin.

Abu na ƙarshe da bokitin ba zai faɗa maka ba shi ne inda gawayin yake. Lita 500 ta ce magani ya bar jini, ba ta ce ya je tsoka ko kitse ko hanta ba, wannan sai wani bincike na daban. Ba ta kuma ce ya isa inda cutar take ba. Magani yana iya samun Vd babba ƙwarai amma ya kasa ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don haka ba a zaɓar maganin sanƙarau da girman Vd, ana duba yawan abin da aka auna a ruwan ƙwaƙwalwa da laka ne kai tsaye. Haka ma Vd da ya yi daidai da lita 42 ba hujja ba ce cewa magani ya bazu daidai a dukkan ruwan jiki. Yana iya yiwuwa gawayin jini da gawayin nama ne suka yi kunnen doki, adadin ya faɗo a kan 42.